Gurbin Dogo a Hoton Gidansu

Masu tambayata a ƙasan rubutu ko har yanzu ina son Dogo, yau zan ba ku amsar da nake da ita, ko da ba za ta yi muku daɗi ba: a lokacin da wannan abin ya faru ban sani ba. Ba wai na daina ba ne, ba kuma wai ina yi ba. Kun san yadda ƙafa take in an daɗe ana zaune a kanta, ka mintsine ta ka ji kamar ta wani ce? To haka zuciyata ta yi wata takwas.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni mai gyaran hoto ce. Ina aiki a wani ƙaramin studiyo da ke tsakanin shagon tela da na mai sayar da caja, kuma teburina yana can ciki bayan labule, inda kwamfuta take da sikana, na'urar da ke kwafe hoton takarda ta kai shi kwamfuta. Tsofaffin hotuna ake kawo mini, wanda ruwa ya taɓa, wanda yara suka yaga, wanda rana ta cinye. Dogo kuma mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne. Shekara biyu yana zuwa gidanmu, har Umma ta ware masa kofinsa. Sai ya yi hatsari da mota a hanyar mayar da ƙaninsa makaranta, taya ta fashe, shi ya fito da ƙujewa a goshi, ƙanin bai fito ba. Cindo ake ce wa yaron, saboda an haife shi da yatsu shida a hannun hagu. Shekararsa goma sha tara.

Kwana tara da rasuwar Cindo, Dogo ya tattara kayansa ya koma kwana a ɗakin ajiya na wurin aikinsu. Gidansu bai sake takawa ba, namu ma haka. Abin da ya rage tsakanina da shi saƙo ne guda biyu a rana. Da safe in rubuta, "Ka tashi lafiya?" Ya rubuto, "Lafiya lau." Da yamma in rubuta, "Ka ci abinci?" Ya rubuto, "Na ci." In kun hau sama a wayata za ku ga wannan hira ta maimaitu kamar zanen atamfa, babu inda ta canza.

Ran Talatar da nake ba ku labari, ina ɗaure ɗankwali a gaban madubi Gwaggo ta shigo ɗakina ba sallama. Yayar Abba ce, kuma tun da mijinta ya rasu ta mayar da aurena aikin gwamnati, kullum sai ta sa hannu a rajista.

"Wannan toka-tokar rigar kuma?" ta ce. "Ke kullum kamar mai zaman makoki. Waye ya mutu miki?"

"Ba ta nuna datti ne, Gwaggo."

"Datti. To ki ji, jiya mun yi magana da ubanki. Ƙarshen wata. Ko yaron nan ya zo da mahaifinsa su zauna da ubanki, ko ki rufe wannan littafin. Mai kemis ɗin bakin titi sau uku yana aiko gaisuwa, mutum da sana'arsa da hankalinsa, ke kina nan kina jiran gawon shanu."

Umma tana bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, tana yi mini kallon tausayin nan nata da ya fi faɗa ciwo. Na ce to. Na saka takalmina baƙi mai shafaffen dunduniya, na ɗauki jaka, na fita. A mota na lissafa, saura kwana goma sha ɗaya. Na jira in ji tsoro ko haushi, ban ji komai ba, sai ma na lura direban ya canza murfin kujeru.

Wajen sha ɗaya na safe ina cire tabon ruwa daga fuskar wata tsohuwa, sai na ji maigidana, wanda duk layin ke kira Baban Studiyo, yana cewa daga waje, "A'a, yau wa nake gani? Shigo, tana ciki. Sunkuya dai, ƙofar tamu ba ta ƙara tsawo ba."

Ya ɗaga labule ya shigo. Rigar aikinsu ce a jikinsa, shuɗiya mai aljihu biyu, ta yi masa yawa a wuya. Ya bar gemu ba tsari. Wata takwas ban gan shi ba, amma abin da bakina ya iya cewa shi ne, "Ka ja kujera."

"Aiki na kawo miki," ya ce.

Ya ajiye babbar ambulan a teburin. Na zaro abin da ke ciki, na gane shi nan take, domin na sha ganinsa a bangon falonsu. Hoton ranar da Yayarsu ta gama jami'a ne, mai faɗin inci takwas da tsawon sha biyu, a kan takarda mai sheƙi. Iyayensu, Baba da Mama, suna zaune a gaba. Yaya tana tsaye a gefe cikin rigar kammala karatu. A baya kuma Cindo ne, ya karkata yana dariya har haƙoransa na ciki sun fito. Kusa da shi, daidai saman ɗankwalin Mama, rami ne. Rami mai siffar kai da wuya da kafaɗu biyu, ina hango katakon teburina ta cikinsa.

"Da me ka yanka?" na tambaya, don irin tambayar da nake yi wa kowa ke nan.

"Reza."

"Yaushe?"

"Ranar da zan bar gidan. Suna tsakar gida da masu gaisuwa, na sauko da shi, na cire shi daga firam, na yanka, na mayar." Ya shafa gemu. "Na kasa jure ganina kusa da shi ina murmushi. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya kalla, ya ga wanda ya tafi da wanda ya kai shi."

"Wani ya ce maka haka?"

"Ba wanda ya ce. Baba ko kalma ɗaya bai ce mini ba. Da ma ya zage ni."

Na ɗaga hoton na duba bakin yankan a hasken fitila. Ko a cikin wannan hali Dogo ma'aikaci ne. Ya bi gefen ɗankwalin Mama a hankali bai taɓa ko zare ɗaya ba, ya kauce wa kunnen Cindo, ya kauce wa hular Baba. A wuri ɗaya kawai hannunsa ya goce, wajen wuya, inda ya yanka sau biyu.

"Jiya Yaya ta kawo mini shi wurin aiki," ya ce. "Ta ce duk watannin nan Mama ta hana a sauke shi, sai jiya ta faki idonta. Kullum sai Mama ta tsaya a gabansa tana shafa gilashin daidai bakin ramin. Yaya ta ce ni na ɓata, in san yadda zan yi. To ki rufe mata shi. Ki mayar kamar ba a taɓa tsayar da kowa a wurin ba."

"Babu wani kwafi? Studiyon da suka ɗauka fa?"

"Sun rufe, gidan abinci ne yanzu. Wanda ke wayar Yaya ya tafi da wayar da aka sace."

Wato wannan takarda ita ce kaɗai. Na ce ya zauna, aikin zai ɗauki lokaci.

Mutane suna zaton cire mutum daga hoto danna maɓalli ne. Bari in gaya muku yadda yake. Na goge gilashin sikana da ƙyalle mara gashi, na hure ƙurar da ke kan hoton, na kifa shi, na ɗora baƙin kwali a bayansa don ramin ya fito baƙi ƙirin, bakinsa ya rabu sosai da sauran. Na ɗauke shi da ɗigo dubu ɗaya da ɗari biyu a kowane inci, yadda ko ƙwayar takardar za ta fito. Da ya hau kwamfuta na ajiye na asali a gefe na kulle, na buɗe kwafi, na ɗora wata shimfiɗa fanko kamar gilashi a samansa, domin ƙa'idar Baban Studiyo ce ba a taɓa asali. Duk abin da za ka yi, yi shi a shimfiɗar sama, in ka yi kuskure ka ɗage ta ka yar.

Bayan mutanen labule ne ruwan ƙasa mai ninki-ninki. Akwai abin aikin da ke ɗebo launi daga inda ka nuna masa ya manna a inda kake so. Da shi na riƙa ɗebo labulen daga saman ramin ina saukowa da shi, ninki bayan ninki, kowane layi sai ya haɗu da ɗan'uwansa, in ba haka ba ido zai kama. Ba a ɗebowa daga wuri ɗaya sau da yawa, sai tabo iri ɗaya ya yi ta maimaituwa. Minti arba'in na yi a kan wannan, Dogo yana zaune a gefena, gwiwarsa tana taɓa ƙasan tebur. Warin man injin da ke rigarsa bai canza ba, na lura da shi kamar yadda na lura da murfin kujerun mota.

Ramin ya rufe. Sai na nuna masa wani duhu a kan labulen, dama da inda ya tsaya.

"Wannan fa?" ya ce.

"Inuwarka ce. Fitilarsu daga hagu take, ta jefa ta can. Rezarka ba ta kai nan ba."

"Cire ta."

Na cire. Akwai wata ma a gefen hular Baba, 'yar siririya, ita ma na haska ta. Sannan na janye hoton baya don mu gan shi gaba ɗaya, na jingina da kujera.

Mutum huɗu da labule. Aikin ya yi tsaf, ba na yabon kaina. Amma Cindo ya zama abin tausayi. Jikinsa duk ya karkata zuwa inda babu kowa, kafaɗarsa ta hagu ta ɗaga sama ta ƙare a iska, kamar hannun riga da aka rataye. Dariyar da yake yi kuma ta koma ta wanda ke shirin faɗuwa.

Baban Studiyo ya leƙo da kofin shayinsa, ya sauke tabarau kan hanci. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar hoto, kuma bai iya ganin aiki ya wuce bai sa baki ba.

"Yaron nan a jikin wa ya rataya?" ya ce. "Ai nauyinsa duk ba a ƙafarsa yake ba. Dubi ƙugunsa. Mai hoto ba ya tsayar da mutum haka sai da abin jingina." Sai ya dubi Dogo, ya gane, ya yi gyaran murya, ya koma waje da shayinsa.

"Matso da shi kusa da Baba," in ji Dogo. "Ya zama shi ya dafa."

Na zagaye Cindo da layi, na ɗauke shi zuwa shimfiɗarsa daban, na ja shi har kafaɗarsa ta shiga bayan hular Baba. Dogo ya kalla na ɗan lokaci ya girgiza kai.

"Cindo bai taɓa rataya a wuyan Baba ba. Ko zama kusa da shi ba ya yi sai an ce ya zauna. Mama za ta gane ƙarya ce."

Na mayar da shi inda yake. Na ce saura hanya ɗaya, a yi masa sabon hannu, a sauke shi a gefensa kamar mai tsayuwa shi kaɗai. Manhajar da nake aiki da ita tana da wani sashe da ke ƙirƙiro abin da babu in ka zagaye wurin ka gaya mata. Ba na son amfani da shi a hoton mamaci, amma na gwada. Ta ba mu hannu uku mu zaɓa. Na farko ya fi fuskar Cindo haske. Na biyu da agogon zinariya, yaron da ko na roba bai taɓa ɗaurawa ba. Na uku kauri gare shi kamar na mai ɗaga buhu.

"Ba nasa ba ne," ya ce.

"Na sani. Ita ba ta san shi ba, hannayen mutanen duniya ta gani ta haɗa."

Sai na yi abin da muka saba yi tun kafin zuwan wannan manhaja. Hannun Cindo na dama yana nan lafiya, a sake a gefensa. Na kwafe shi, na juya shi kamar a madubi, na kai shi hagu, na haɗa da kafaɗar. Da yake juyawa ta mayar da hasken ɗaya gefen, sai da na bi shi ina duhunta inda ya kamata ya yi duhu, ina haska inda fitila za ta taɓa. Na miƙar da ƙugun kaɗan. Da na gama, ga Cindo tsaye da hannu biyu, fatarsa ce, rigarsa ce, ba wanda zai ce an taɓa.

"Shi ke nan," na ce. "In buga?"

Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Ƙara girman nan."

Na ƙara. Ya ɗora yatsa a gilashin, abin da na hana kowa yi, yana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Biyar ne," ya ce.

Ni kaina sai a lokacin na tuna. Ina ta lissafin haske da inuwa na manta wa nake gyarawa.

"Zan iya ƙara masa ɗaya," na ce. "Ka turo mini wani hotonsa da hannun ya fito, in ga yadda yake."

Ya zaro waya ya fara dubawa. Na tabbata tun ranar hatsarin bai buɗe waɗannan hotuna ba. Cindo a bakin makaranta, hannun hagu a aljihu. Cindo da ƙwallo, hannun a bayansa. Cindo a wurin aikin Dogo, ya naɗe hannun a ƙarƙashin hammata. Ya wuce hoto ya fi talatin. Ya kira Yaya, na ji muryarta sama-sama tana cewa ai ka san halinsa, tun yana firamare da yara suka sa shi gaba da tsokana bai ƙara yarda an ɗauki hannun nan ba, duk hotunan gidan nan babu, sai guda ɗaya.

"Wanne?" ya ce.

Ta ce, "Kai ma ka sani," ta kashe.

Ya ajiye wayar a kan cinyarsa. Na buɗe na asalin da na kulle, mai baƙin ramin, na nuna masa bakin yankan ta hagu, inda damtsen Cindo ya shige ya ɓace, sannan na kai alamar linzamin kwamfuta can ɗaya ƙarshen ramin, kan kafaɗar da babu.

"Hannunsa ta bayan wuyanka ya bi," na ce. "A nan ya sauka. Ita Mama wane gefen ramin take shafawa?"

"Ban tambaya ba."

Amma fuskarsa ta nuna ya san amsar. Ni dai muryata ba ta canza ba, kamar ina yi wa baƙo bayanin girman firam. Na ce, "Ina guntun da ka cire?"

"Na yar."

Na kalle shi. Shekara biyu sun ishi mace ta san lokacin da namiji ke ƙarya, shi kuwa Dogo kunnensa yake taɓawa. Ya taɓa kunnen, ya sauke hannu, sannan ya juya wayarsa ya ɓare baƙar robar da ke bayanta. Guntun yana nan manne da bayan wayar, a kife, farin bayansa ya yi dauɗa.

"Ban taɓa juya shi ba," ya ce. "Na kasa jefa shi a shara ne kawai."

Na karɓa da ɗan matsen da muke ɗaukar hoto da shi, na juya a kan farar takarda. Dogo ne na shekara uku da suka wuce, ba gemu, ya sunkuyo da kai saboda an ja shi, yana murmushin wanda aka dama. A kan kafaɗarsa ta hagu kuma ga hannu kwance, a buɗe, ya damƙi rigar har ta tattare. Yatsu biyar, da ɗan ƙarami na shida a gefen ƙaramin yatsa, da ɗan farcensa.

Dogo ya daɗe yana kallo. Ba kuka ya yi ba, ku daina saurin kai labari inda bai je ba. Cewa ya yi, a hankali, "Mai hoton ya ce ya sa hannu a aljihu in yana so. Ya ce a'a, yau dai bari in shaƙe wannan dogon." Ya nuna hannun. "Wata takwas yana cikin aljihuna. Mama tana can tana shafa gilashi."

"Eh," na ce.

"Ni na zaci kaina kawai na ɗauke musu."

Daga waje na ji Baban Studiyo, wanda ashe kunnensa na wurinmu, yana faɗa wa tela da ƙarfi cewa shi dai a saninsa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tela bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ce haka ne.

"Za ki iya ɗaukar hannun kawai?" in ji Dogo. "Ki sa masa, ni ki bar ni a waje."

"Zan iya yanko shi. Amma dubi yadda yake. Yatsun a lanƙwashe suke, sun kama wani abu. Tafin ba ya ganuwa, yana kan rigarka. In na sauke shi a gefensa zai zama hannun da ke damƙar iska, in na bar shi a sama sai na sa masa kafaɗa a ƙasa. Kafaɗar kuma tana da wuya, wuyan yana da kai." Na gyara zaman ɗankwalina. "Ko in sa masa kafaɗar wani, ko taka. Zaɓi."

Ya rufe ido. Na ji injin buga hoto yana ta aikinsa a waje, wata mata tana rarrashin ɗanta ya kalli kyamara.

"Mayar da ni," ya ce.

Wannan ma ba manna shi kawai ake yi ba. Zafin batir da gumin aljihu sun ci guntun, launinsa ya koma ja-ja, gefunansa sun goge, ga wata karaya a kan ƙirji. Na ɗauke shi a sikana shi kaɗai da ma'auni iri ɗaya da na farko, na ɗora shi a shimfiɗarsa, na yi ta juya shi da kaɗan-kaɗan har ninkin labulen da ke bayan kunnensa ya haɗu da na babban hoton. Reza ba ta cin takarda kamar almakashi mai dakushi, don haka bakin ya zauna daram, sai wajen wuyan da ya yanka sau biyu, nan ne wani ɗan siririn yanki ya ɓata, na cike shi da fatar da ke kusa. Na rage jan, na daidaita launin hannun da na fuskar Cindo har suka zama na mutum ɗaya. Inuwar da na cire ɗazu ban sha wahala ba, na ɗage shimfiɗar da na rufe ta da ita, ta dawo inda take.

Na asalin kuma na kifa shi, na zaunar da guntun a gurbinsa, na kama shi ta baya da siririyar takardar liƙi. Ba a sa salatif a fuskar hoto, yana yin rawaya, ran da aka ɓare shi kuma ya tafi da fuskar mutum. Ta gaba layin rezar yana nan kamar gashi ɗaya. Na buga sabon, na haɗa su biyun a ambulan.

"Sabon ba tabo," na ce. "Tsohon ba yadda zan yi da layin."

Ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fanka. A bakin labule na ji kaina ina cewa, da muryar da nake karanta wa mutane ranar karɓar aiki, "Abba ya ce ƙarshen wata. Ko ka zo da Baba, ko a rufe maganar."

Ya tsaya bai juyo ba. "Saura kwana nawa?"

"Sha ɗaya."

Ya gyaɗa kai ya fita. Na koma kan fuskar tsohuwata mai tabon ruwa, na ci gaba daga inda na tsaya.

Ƙarfe biyar na isa gida. Abba yana falo da Gwaggo, ina jin muryarta tana lissafa kyawawan halayen mai kemis kamar mai karanta takardar magani. Na shige ɗaki, na cire takalmi, na zauna a bakin gado da jakata a kafaɗa. Wayata ta yi ƙara, saƙon Dogo ne. Ba lokacin "Na ci" ba ne.

"Ina kan layinmu."

Bayan minti shida: "Ina ƙofa."

Na rubuta, "Ƙwanƙwasa." Alama ta nuna ya karanta. Daga nan shiru. Na kalli agogon wayar yana tafiya, minti goma, ashirin, arba'in. Umma ta leƙo ta ce abinci na kicin, na ce to. Na ce a raina ya juya, kuma na jira in ji zafin hakan, ban ji ba.

Sai kira ya shigo daga lambar da ban sani ba. Muryar mace ce, babba, a dashe.

"Ke ce 'yar studiyon?"

Na zame daga gadon na durƙusa, kamar tana ganina. "Ni ce, Mama. Ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Na ga aikinki." Ta ja numfashi. "Na ƙirga. Shida ne cif."

Na dafa bakin gadon.

"Tsohon na mayar a firam ɗin," ta ce. "Mai layin. Sabon na ba Yayarsu ta ajiye. Shi kuma ga shi nan a gabana yana cin abinci kamar wanda aka sako daga kurkuku, ko wanke hannu sai da na tuna masa."

A nan ne ƙafar da na daɗe ina zaune a kanta ta fara dawowa. Kun san ba daɗi take dawowa da shi ba, da suka take dawowa kamar ta allurai. Ƙirjina ya yi zafi, hancina ya toshe, na ji tsoro da haushi da kewa duk sun taso lokaci ɗaya, har da yunwa. Ina sonsa, ga amsarku, kuma sai da na ji haushin wata takwas ɗin nan kafin na gane.

"Kina jina?" in ji Mama.

"Ina ji."

"Babansa ne ya buɗe masa ƙofa. Ga shi nan kusa da ni, ya ce in mahaifinki yana gida ki kai masa wayar."

Na tashi ba takalmi, jakar tana rataye a kafaɗata har yanzu, fuskata jiƙe. Na ɗaga labulen falo. Gwaggo ta katse maganarta a tsakiya, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke kuma lafiya? Waye ya mutu?"

"Ba kowa, Gwaggo," na ce. Na durƙusa a gaban Abba, na miƙa masa wayar da hannu biyu.